Abin da na koya wajen daidaita takardar zuba kuɗi a banki da cinikin rana

Aikina a wani shagon sarin kayan masarufi da ke Sabon Garin Zariya shi ne in zauna kowace safiya da littafin ciniki da kuma takardun zuba kuɗi da aka dawo da su daga banki, waɗanda kowa ke kira tela, in tabbatar da cewa tsabar kuɗin da aka karɓa a kanta ita ce ta shiga asusun shago. Babban darasin da aikin ya koya mini shi ne, jimlar da ke kan tela ba da jimlar ciniki ake gwada ta ba, kuma kwanan watan da ke kanta ba lallai ne ya zama ranar da aka yi cinikin ba. Wanda bai riƙe waɗannan biyun ba zai dinga ganin giɓi a inda babu shi, ya ɗora zargi a kan yaron da aka aika banki alhali bai ci ko kwabo ba.

Kafin a taɓa tela, sai an fara fitar da abin da ya kamata ya isa banki daga cikin cinikin ranar. Zan ɗauki wata ranar Alhamis a matsayin misali. Littafi ya nuna an sayar da kaya na naira 1,286,500. A ciki akwai na naira 145,000 da wasu masu kantuna daga Tudun Wada da Samaru suka ɗauka bashi, sannan akwai naira 412,000 da aka biya ta tiransfa da na'urar POS, wanda shi kai tsaye yake shiga asusu, ba ya bi ta aljihun kashiya. Idan aka cire waɗannan biyun, tsabar kuɗin ciniki ta zama naira 729,500. Sai dai a ranar wani ya kawo naira 60,000 hannu da hannu na bashin da ya ci a makon da ya gabata, kuma wannan kuɗi yana cikin aljihun kashiya duk da cewa ba ya cikin cinikin ranar, don haka sai a ƙara shi. Daga nan a cire naira 18,500 da aka kashe wajen biyan 'yan dako da sayen man janareta. Canjin da aka buɗe shago da shi da safe an bar daidai shi domin gobe, saboda haka bai ƙara komai ba bai rage ba. Abin da ya rage, naira 771,000, shi ne adadin da ake nema a kan tela.

Nan ne maganar kwanan wata take shigowa. Bankuna suna rufe ƙofa ga masu hulɗa da ƙarfe huɗu na yamma, shago kuwa yakan kai magariba ana ciniki, don haka kuɗin rana ɗaya kusan kullum a teloli biyu yake fitowa. A wannan Alhamis an kai naira 500,000 bayan azahar, sauran naira 271,000 kuma suka kwana a sef sai da safiyar Juma'a aka kai su. Amma akwai wata telar da ke ɗauke da kwanan watan Alhamis ɗin, ta naira 238,000, wadda ragowar cinikin Laraba ce da aka kai da safe. Idan mutum ya tattara duk telolin da aka buga wa hatimin Alhamis ya haɗa, zai sami naira 738,000, ya ce an yi giɓin naira 33,000, alhali ya haɗa rabin Laraba ne da rabin Alhamis. Abin ya fi rikicewa ranar Litinin, domin kuɗin yammacin Juma'a da na Asabar da na Lahadi duk a lokaci guda ake kai su. Saboda haka muka tsayar da ƙa'ida cewa ba a haɗa kuɗin kwana biyu a tela ɗaya, ko da hakan zai sa a cike teloli uku a tafiya guda, kuma a bayan kwafin da aka dawo da shi ana rubuta ranar da aka yi cinikin. A ganina wannan ƙa'ida ɗaya ta fi duk wani lissafi rage saɓani tsakanin ma'aikata.

Karatun telar kanta yana da tsari, kuma jimlar kuɗi ita ce abu na ƙarshe da nake dubawa. Nakan fara da sunan asusu da lambarsa mai alƙaluma goma, in gwada ta da tamu ɗaya bayan ɗaya, domin tela tana iya zama ta gaskiya, da hatimi da sa hannu, amma kuɗin ya shiga wani asusun, wani lokaci ma asusun maigida na kansa maimakon na shago. Sai sunan wanda ya zuba kuɗin, sai hatimin ma'aikacin banki da kwanan watan da ke cikinsa. Bayan haka ne nake neman abin da na'urar banki ta buga, ko a jikin telar ko a ɗan rasit ɗin da ake haɗowa da ita, wanda ke nuna adadi da lokaci da lambar shaidar shigar kuɗin. Rubutun biro abin da mu muka ce mun kai ne, bugun na'ura kuwa shi ne abin da banki ya yarda ya karɓa, kuma idan suka saɓa, bugun na'ura ake ɗauka. Haka nan ana duba cewa adadin da aka rubuta da kalmomi ya yi daidai da wanda aka rubuta da alƙaluma.

Sashen da mutane suka fi tsallakewa, wanda kuma ni a wurina ya fi kowane amfani, shi ne layukan da ake rarraba kuɗin bisa nau'in takarda, wato 'yan dubu nawa, 'yan ɗari biyar nawa, har zuwa ƙananan. Amfaninsa ba ya fitowa sai idan kashiyan shago ma ya rubuta irin wannan rarrabuwa a lokacin da ya ƙirga kuɗin da dare. A daren wannan Alhamis takardar ƙirgarmu ta nuna 'yan dubu guda 180, 'yan ɗari biyar guda 150, 'yan ɗari biyu guda 60, 'yan ɗari guda 40, jimla naira 271,000. Telar da yaron ya dawo da ita ranar Juma'a kuwa an soke 271,000 da jan biro, an rubuta 269,500 a sama, ma'aikacin banki ya sa hannu a gefen gyaran, kuma na'ura ma 269,500 ta buga. Giɓin naira 1,500 ke nan.

Da na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari ba su canza ba, amma 'yan dubu sun koma 178, 'yan ɗari biyar kuma sun ƙaru zuwa 151. Wanda ya zare kuɗi daga jaka ba ya sa wani layi ya ƙaru, don haka ƙaruwar nan ta nuna cewa akwai 'yar ɗari biyar guda da ta shiga cikin rafar 'yan dubu, aka ƙirga ta a matsayin dubu a shago, banki kuma ya ware ta ya mayar da ita layinta. Wannan ya bayyana naira 500. Sannan idan aka haɗa yawan takardun, mu 430 muka ƙirga, banki kuma 429 ya karɓa, wato takarda ɗaya ce ba ta shiga ba, kuma daga layin 'yan dubu take. Na kira yaron na ce masa, "Akwai 'yar dubu guda da ba ta shiga ba, ko sun dawo maka da wani abu?" Ya ce, "Eh Malam, sun ce ba za su karɓa ba, tana cikin ambulan." Takarda ce da ta yage aka manne ta da salatif, gefen da ɗaya lambar take ya tafi gaba ɗaya. A littafi na rubuta naira 500 a matsayin kuskuren ƙirga, naira 1,000 kuma a matsayin takardar da banki ya ƙi karɓa, na maƙale ta a shafin ranar domin Alhaji mai shagon ya gani da idonsa. Da jimla kaɗai aka duba, da an ce yaron ne, kuma da wuya ya iya wanke kansa.

Girman giɓi ma yakan nuna inda za a nema. Rafa takarda ɗari ce, don haka giɓin naira 50,000 cif yawanci rafar 'yan ɗari biyar ce aka manta a sef, ko kuwa aka lissafa ta a matsayin ta 'yan dubu. Idan bambancin yana rabuwa da tara ba tare da saura ba, akwai yiwuwar an juya alƙaluma biyu ne wajen kwafa, kamar a rubuta 217,000 a maimakon 271,000, inda bambancin 54,000 yake. Idan kuwa giɓin ya yi daidai da kuɗin wani rasit guda na ranar, to galibi an rubuta tiransfa ne a layin tsabar kuɗi. Rara ma ba abin murna ba ce, domin kuɗin da ya fi abin da littafi ya nuna yana nufin an sayar da wani abu ba a rubuta ba, ko kuma wani ya biya bashi ba a soke sunansa ba, kuma gobe za a je a sake tambayarsa.

Duk da haka tela takarda ce kawai, ana iya gyara ta, ana iya sake gabatar da ta makon jiya. Shi ya sa ba na rufe lissafin rana sai na ga saƙon shigar kuɗin daga banki, kuma a ƙarshen mako nakan bi bayanin asusu layi-layi, in sa alama a kan kowace tela da ta bayyana a ciki da adadinta da ranarta, sannan in rubuta lambar shaidarta a littafi domin kada wata ta shiga lissafi sau biyu. Akwai kuma iyakar da wannan aiki ba ya wucewa, wadda ya kamata duk mai shago ya sani. Daidaituwar tela da littafi tana tabbatar da cewa abin da aka rubuta ya isa banki, amma ba ta cewa komai a kan katan ɗin taliya ko buhun sukari da aka sayar ba a rubuta ba, aka kuma riƙe kuɗinsa. Wannan sai an shiga sito an ƙirga kaya, an gwada abin da ya fita da abin da rasit ya nuna, kuma a shagonmu ranar Asabar ta ƙarshen wata ake yin hakan.