Aidin ɗin da ya kusa ba ni kunya

Wata laraba aka kawo mana mugunyar gyambo a ɗakin gwajinmu da ke Tudun Wadan Zariya. Yarona ya rina gilashin, ya leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyin cuta, ya ce, "Oga, jajaye ne." Na leƙa, sai ga ƙwayoyi kewayayyu curi-curi, irin zaman bakteriyar da ake kira sitafilokokus, amma ja. Sitafilokokus kuwa shuni yake fitowa. Nan na san da walakin.

Gwajin nan na Hans Christian Gram, da ya fito da shi a 1884, rini ne kawai. Ana zuba kiristal bayolet minti ɗaya, kowace bakteriya ta sha shuni. Sai aidin minti ɗaya, wanda ke haɗuwa da rinin a cikin ƙwayar su zama gudaji manya. Daga nan a zuba asiton ko alkohol, kuma nan ne ake rabuwa: wasu bakteriya su riƙe shunin, wasu su sake shi.

Bangon bakteriya saƙa ce da ake kira feftidogilaikan. A jikin sitafilokokus saƙar mai kauri ce, hawa kan hawa, nanomita 20 zuwa 80, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da alkohol ya taɓa ta sai ya tsotse ruwanta, ta tsuke, ramukanta su matse, gudajin nan su rasa ƙofar fita. Wata bakteriyar kuwa, ikolai, saƙarta 'yar siririya ce, nanomita kaɗan, da fatar maiƙo a waje. Alkohol ya narkar da maiƙon, shunin ya zube, ƙwayar ta koma fara har sai safaranin, jan rinin da ake zubawa a ƙarshe, ya ba ta ja. Wato saƙar ba son rini take ba, tare hanya take yi.

Shi ya sa aidin ba abin wasa ba ne. In ya yi rauni gudaji ba sa haɗuwa sosai, rini ya sulale ko ta saƙa mai kauri. Na ɗaga kwalbarmu a haske, maimakon ruwan ƙasa mai duhu sai ga ta kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Sati biyu kacal da sayenta! Dillalin har rantsuwa ya yi sabon haɗi ne. Muka buɗe wata kwalbar, muka sake shafa mugunyar siriri, ƙwayoyi suka fito shuni sak, ƙwayoyin mugunya na gefe ja, yadda ya kamata. Da mun rubuta na farko, da likita ya nufi wani maganin daban.

Ogan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, da na wuce 'yan daƙiƙu da asiton sai ya ƙwace gilashin ya ce, "Wanki kake ko gwaji?" Shi ya nuna mini cewa ƙwayar da ta tsufa a farantin da ake rainon bakteriya, ko wadda fenisilin ya fara ɓata wa saƙa, takan yi ja ta ruɗe ka.

Yanzu kowace sabuwar kwalba sai mun gwada ta da sananniyar sitafilokokus da ikolai kafin ta taɓa samfurin kowa. Mai cewa "ai can rabin kuɗinku ne", nakan ce ya tambaye su yaushe rabonsu da ɗaga kwalbar aidin a haske.