Mako na uku: na ɗora dambuna a kan sautin da ake yayi

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana a wannan makon.

Akwai wani sauti mai daƙiƙa 11 da ake ta yayi a TikTok. Mace za ta fito da kayan zaman gida, ta rufe kyamara da tafin hannu, kiɗa na dokawa a daƙiƙa ta 6 sai ga ta cikin kwalliya. Na ce bari in gwada da dambun naman da nake sayarwa.

Gwajin farko bai yi armashi ba. Na ajiye robar dambu a kan tebur tun daga farko har ƙarshe, na rubuta farashi da unguwarmu, kiɗa na ta yi shi kaɗai. Da na duba Analytics, yawancin masu kallo sun wuce tun a daƙiƙa ta 2. Ashe abin da ke riƙe mutane a yayin nan jira ne: kowa ya san wani abu zai canza idan kiɗan ya doka. Ni kuwa na ari kiɗan na bar jiran.

Ranar Laraba na sake. Daƙiƙa 5 na farko dafaffen nama ne a turmi, ina kirɓawa, hannuna duk yaji. Na rufe kyamara da murfin tukunya maimakon hannu (ƙanwata ce ta kawo wannan shawarar, Allah ya yi mata albarka). Murfin na ɗagawa sai dambu ja-ja-jir, ina watsa shi da cokali ya zubo warwar. Farashi bai fito ba sai a daƙiƙa 3 na ƙarshe.

Daidaita yankan ne ya ci min lokaci. A manhajar gyaran bidiyo ta CapCut na buɗe zanen sautin da yatsu biyu har na ga inda ya yi tsini, na danna Split daidai wurin. Da farko na makara da kusan rabin daƙiƙa. Idan kin kalla za ki ji kamar mai rawa ta saɓa wa kalangu. Bayan na fitar da bidiyon, sai na koma TikTok na shiga ta maɓallin Use this sound, na mai da sautin bidiyona sifili, don ya shiga jerin masu yayin.

Rubutun kuma na ɗaga shi tsakiya, saboda a ƙasa da gefen dama sunan mai bidiyo da maɓallan TikTok na rufe shi. A gwajin farko rabin farashin ya ɓuya.

Wata maƙwabciyata mai turaren wuta ta nemi sautin ta rasa. Nata Business Account ne, kuma irinsa Commercial Music Library kawai ake ba shi, ba kowace waƙa ba. Na ce ta ɗauki salon kawai, ta buga murfin kasko ya zama nata dokawar. Gobe za mu ɗauka tare, bayan la'asar kafin haske ya tafi.