Takardar metiriz da bayanin mai fassara: inda na kai a wannan makon

Ƴan uwa masu koyon fassara, aikin da na sa gaba a wannan makon shi ne takardar shaidar kammala karatu ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke nan Yamai, wadda mai ita yake son kai wa wata jami'a a Najeriya, saboda haka dole a juya ta daga Faransanci zuwa Ingilishi. Fassarar ba ta wuce shafi ɗaya ba. Abin da ya ci lokaci shi ne bayanin da ake liƙawa a ƙarshenta, wanda malaminmu, tafinta ne da ya yi rantsuwa a gaban kotu, ba ya sa hannu sai ya karanta shi layi-layi.

Takardar ta metiriz ce, ta tsohon tsari. A wancan tsarin ɗalibi yakan yi shekara biyu bayan bakaloriya ya samu shaidar farko, a shekara ta uku ya samu lisans, a ta huɗu kuma metiriz. A tsarin yanzu lisans shekara uku ce, sannan masta ta zo da shekara biyu a kanta, wato biyar ke nan. Ƙamus zai ba ku masta a matsayin fassarar metiriz, kuma mai takardar shi ma abin da ya roƙa ke nan, amma duk wanda ya rubuta haka ya ƙara wa mutum shekarar da bai yi ba. Idan kuma aka ce digirin farko ne, don yawancin digirin farko a Najeriya shekara huɗu ne, an yanke hukuncin da ba na mai fassara ba, domin daidaita takardun karatu aikin jami'ar da za ta karɓa ne. Saboda haka na bar sunan da Faransanci yadda yake, na sa lamba 1 a gefensa, a bayanin kuma na rubuta abin da ma'anarsa ita ce: “An bar sunan shaidar a harshen asali. Ana bayar da ita bayan shekara huɗu ta karatun jami'a a tsohon tsari. Wannan bayani ba daidaitawa ba ne da wata shaida ta wata ƙasa.”

Haka na yi da darajar sakamako. An rubuta masa darajar da muke kira ase biyan, wadda idan aka fassara ta kalma da kalma take fitowa kamar yabo na dole, alhali mataki ne da ke da iyaka sananniya: daga maki 12 zuwa ƙasa da 14 cikin 20, sama da darajar fasabul da ke farawa daga 10, ƙasa da darajar biyan da ke farawa daga 14. Na kawo wannan ma'auni, na kuma faɗi cewa shi ne wanda aka saba da shi, tun da takardar kanta ba ta ɗauke da maki. Ban kamanta shi da ajin digiri na Najeriya ba.

Waɗannan biyu zaɓi ne da na yi, ina kuma da hujjar kare su. Na uku daban ne, domin har yanzu bai warware ba. An cike ranar bayar da takardar da hannu, kuma lamba ta biyu tana iya zama 1, tana iya zama 7. Mu da muka yi makarantar Faransanci mun san 1 ɗinmu tana da dogon ƙugiya, 7 kuma ana ratsa ta da layi, sai dai a nan hatimi ya faɗo daidai kan wurin da layin zai kasance. Mai takardar ya ce 17 ce, wataƙila kuma gaskiyarsa, amma mai fassara abin da ke kan takarda yake shaida, ba abin da aka gaya masa ba. Na rubuta cewa ranar tana iya zama 11 ko 17, cewa hatimi ya rufe wani ɓangare na lambar, kuma na yi aiki ne da kwafi mai tambarin tabbatarwa, ban ga ta asali ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai, domin tana nuna wa mai karɓa inda zai nemi amsa.

Malam ya soke mini sakin layi guda da na yi a kan tarihin jami'ar, ya ce jami'in da zai duba takarda ba zai karanta abin da ya wuce rabin shafi ba, kuma na ga dacewar hakan. Na roƙi mai takardar ya kawo ta asali ranar Litinin tare da takardar makinsa. Idan layin 7 ya bayyana a ƙarƙashin tawadar hatimin, zan cire bayani na uku kafin a sa hannu.