Ɗalibi baƙo a Yamai da takardar dokokin jarrabawa

Ɗan Najeriya da ya zo karatu Yamai, Faransanci da lissafin sefa ne kan fara ɗaure masa kai. Takardar dokokin makaranta kuwa sai ya cusa ta cikin jaka, ba zai tuna da ita ba sai ranar da aka kira shi gaban majalisar ladabtarwa. Alhali abu uku kawai ake nema a cikinta: me ake kira laifi, ina hukuncin ya tsaya, me wanda ake tuhuma zai iya yi.

Misali, a ce ɗalibi ya shiga jarrabawa da salula a aljihu, a kashe, bai ko taɓa ta ba. Mai sa ido ya gani. Ka duba ko takardar ta haɗa satar amsa da yunƙurin satar amsa a sashe ɗaya. Idan ta haɗa, riƙe abin da aka hana kaɗai ya isa laifi, cewa ba ka duba ba ba zai fisshe ka ba.

Daga nan mai sa ido zai karɓi wayar, ya rubuta rahoton abin da ya faru, a ce ka sa hannu. Nan baƙo ya fi faɗawa rami, domin rahoton da Faransanci ne, kuma da shi za a yi shari'ar gaba ɗaya. Karanta shi a tsanake. In an rubuta cewa kana amfani da wayar alhali a aljihu aka same ta, nemi a rubuta naka bayanin kafin ka sa hannu.

Hukunci hawa-hawa ne: gargaɗi, jan kunne a rubuce, korar wani lokaci, korar dindindin. Amma iyakarsa ce abin lura. A Yamai maki bisa 20 ake bayarwa, 10 ce matsallaka, kuma a tsarin lisans, wato digiri na farko, da masta da dakta kowane zango kiredi 30 ne. To sifirin da za a ba ka, na wannan darasi ne kaɗai, ko za a soke jarrabawar zangon duka? Za a bar ka ka yi ramuwa? Tsakanin waɗannan akwai asarar shekara sukutum da kuɗin hayarta. Haka kora: daga makarantar ce kawai, ko daga dukan manyan makarantun ƙasar? Wani lokaci ma ana rataye korar, ba ta aiki sai ka sake laifi.

Batun haƙƙi, nemo kwana nawa ake ba ka tsakanin sammaci da zama, ko kana iya ganin fayil ɗinka, ko za ka zo da mai tsaya maka, kamar wakilin ɗalibai. Ga baƙo wannan na ƙarshen ya fi komai, don kare kai da harshen aro wahala ne. Ɗaukaka ƙara kuma tana da wa'adi. Duba ko daga ranar yanke hukunci ake ƙirgawa ko daga ranar da takardar hukuncin ta iso hannunka, ka rubuta kwanan watan a bayanta, ka ajiye kwafi.