Inda na kai a aikin HPLC: ƙwayar ciwon kai mai sinadari uku

'Yan uwa masu fama da wannan asainmen na tsara hanyar auna magani da HPLC, na'urar da ke raba sinadaran da ke cikin ruwa ta auna yawan kowanne, na gama sashen zaɓen kolom da mobayil fes da ditekta, ga yadda na bi. Samfurin da na ɗauka ƙwayar maganin ciwon kai ce mai haɗin parasitamol 250 mg, asfirin 250 mg da kafeyin 65 mg. Na zaɓe ta ne don sinadaran uku ba halinsu ɗaya ba, sai mutum ya kawo hujja a kan kowane zaɓi. Malam ma hujjar yake nema. Rubuta "C18" kawai ba ya kawo maki.

Tun ban taɓa zancen na'ura ba, na fara rubuta halin kowane sinadari. Parasitamol yana da pKa kusan 9.5, ke nan a ruwa mai ɗan tsami ba ya ɗauke da caji. Kafeyin ma ba ruwansa da pH a iyakar da ake aiki. Asfirin ne mai rigima: asid ne, pKa ɗinsa kusan 3.5, kuma idan ya daɗe a jiƙe yana rushewa ya koma salisilik asid. Dukkansu ƙananan sinadarai ne masu narkewa a metanol, kuma suna shan hasken UV.

Zancen kolom bai ɗauke ni lokaci ba. Ƙananan sinadarai irin waɗannan da C18 ake fara musu, wato ƙwayoyin silika da aka manna wa sarƙoƙin kabon goma sha takwas. Abin da ba ya son ruwa sosai yakan maƙale a sarƙar ya daɗe, mai son ruwa ya wuce da wuri. Na rubuta tsawo 150 mm, faɗi 4.6 mm, ƙwayoyi 5 µm. Ƙwayoyin da ba su kai 2 µm ba sun fi rabawa da kyau, amma matsin da suke jawowa ya fi ƙarfin famfon HPLC na yau da kullum. Abin da zan riƙe shi ne silika ta gargajiya tana son pH tsakanin 2 da 8. Ƙasa da haka sarƙoƙin suna ɓallewa, sama da haka silikar kanta ke narkewa.

A mobayil fes, ruwan da famfo ke turawa cikin kolom, na fi daɗewa, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Tambayoyi biyu ne: wane pH, kuma metanol nawa za a haɗa da ruwa.

Mu ɗauki pH. Asfirin da bai saki haidurojin ɗinsa ba yana riƙuwa a C18. Da zarar ya saki ya ɗauki caji, sai ya bi ruwa ya fice. A pH 3.5 rabi yana da caji, rabi babu. Na yi lissafin gefe da gefe don in ga haɗarin: a pH 3.4 kashi 44 cikin ɗari ne ke da caji, a 3.6 kuma kashi 56. Wannan ɗan bambancin na iya shiga tsakanin ruwan da ka haɗa yau da wanda abokinka zai haɗa gobe, kuma ya isa ya motsa lokacin fitowar asfirin, alhali parasitamol da kafeyin suna nan inda suke. Wannan ma ita ce alamar: idan fik ɗaya, wato tudun da sinadari ke zanawa a jadawalin sakamako, shi kaɗai ke yawo sauran suna tsaye, pH za a fara tuhuma. Idan duka suka matsa tare, sai a duba gudun famfo, yawan metanol ko zafi.

Ƙa'idar littafi ita ce a nisanci pKa da maki biyu. A nan ba za ta cika ba, domin 1.5 ya yi wa silika tsami da yawa. Idan kuma aka hau 5.5, kashi 99 na asfirin na da caji, zai gudu gaba ya cakuɗe da masu fitowa da wuri. Sai na tsaya a wajen 2.5, inda kusan kashi 9 ne kawai ke da caji. Da na duba hanyar da USP, kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka, ta tsara wa wannan ƙwayar, sai na tarar ruwa, metanol da asetik asid take haɗawa a 69:28:3, kuma asetik asid kashi 3 a ruwa yana ba da pH kusan 2.5 ɗin. Lissafina da nasu sun haɗu, na kuwa ambaci hakan a rahoton.

Yawan metanol kuma da wannan ake auna shi:

```
k = (tR - t0) / t0
```

A nan k ma'aunin yadda kolom ke riƙe sinadari ne, tR lokacin fitowar sinadarin ne, t0 kuma shi ne lokacin da abin da kolom bai riƙe ba ke ɗauka ya fito. A kolom irin tawa, da gudun 1 mL a minti, kusan minti 1.5 ne. A ce an fara da metanol kashi 50, parasitamol ya fito a minti 1.8. To k ɗinsa 0.2 ne, ke nan kusan ba a riƙe shi ba, tare yake fitowa da tarkacen ƙwayar. Ana son k tsakanin 2 da 10, ko da yake ana lamuntar 1 ga mai fitowa farko. Rage metanol da kashi 10 yakan ninka k sau biyu zuwa uku, don haka a kashi 30 ana sa ran ya kusanci 1. Wahalar ita ce asfirin da salisilik asid su ma nasu k ninkuwa yake, aikin minti goma sai ya nemi zama na talatin. Parasitamol na jan ka ƙasa, su suna jan ka sama, kuma a nan na gane dalilin 28 ɗin. Tunda haɗi ɗaya ya ɗauki kowa, ban ga amfanin girediyent ba, wato sauya yawan metanol ana cikin aiki.

Zafi ma na sa shi a rubuce. Ƙarin digiri ɗaya yakan rage lokacin fitowa da kashi 1 zuwa 2. A lab ɗin da safiyar hunturu da azahar ɗin bazara ba su haɗa hanya ba, barin kolom a zafin ɗaki neman magana ne. USP ta sa 45 °C, wanda kuma ke rage kaurin haɗin metanol da ruwa, matsi ya sauka.

Ditekta UV na zaɓa, amma tsawon zangon hasken ne abin tattaunawa. Parasitamol ya fi shan haske a wajen 243 nm, kafeyin a 273 nm. Da farko mutum zai so 243, tunda parasitamol ne sananne. Sai dai shi ne mai yawa, kafeyin kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ne. A 275 nm kafeyin yana kan ƙarfinsa, parasitamol ya ragu har ba zai cika ditekta fik ɗinsa ya yi kai a baje ba, asfirin ma yana da ɗan tudun shan haske a wurin. Sannan asetik asid da kansa yana shan haske ƙasa da 230 nm, saboda haka wanda ya zaɓe shi ya rufe wa kansa ƙofar sauka can. Mai son aiki a 210 nm sai ya koma fosfet da asitonaitiral, shi kuma fosfet ba ya shiga MS, ditektar da ke auna nauyin sinadari, domin ba ya tashi ya zama tururi. Ka ga ditekta da mobayil fes tare ake zaɓensu.

Abin da ya rage mini shi ne sashen gwajin lafiyar na'ura: ma'aunin rabuwa Rs aƙalla 1.5 tsakanin fik biyu mafi kusa, jelar fik kada ta wuce 2, da maimaita allurar sitandad don ganin daidaito. Zan kuma rubuta cewa a yi allurar samfur da zarar an narkar da shi. Idan fik ɗin salisilik asid yana girma daga allura zuwa allura, na asfirin yana raguwa, a cikin kwalba rushewar ke faruwa, ba a ƙwayar ba.