'Yan ko-ta-kwana shida, ba wanda ya zo

Ranar Asabar na miƙa wa Hajiya makullan gidan abincinta na Samaru, bayan shekara huɗu ina manaja. A duk zaman da na yi, babu ranar da ta tsaya mini a rai kamar wata Litinin, makon farko na jarrabawar jami'a.

Duk wanda ya yi wannan sana'a a Samaru ya san kalandar Jami'ar Ahmadu Bello ce ke juya ciniki. Da jarrabawa ta kama, ɗalibi ba ya ɗora tukunya. Mu da muke sayar da faranti 300 a rana sai mu kai 450. Tun da yaro ɗaya ba ya iya wuce faranti 60 a cunkoson rana ba tare da an fara ɗaga murya ba, masu kai abinci biyar ba za su isa ba, sai takwas. Wannan lissafin na yi shi daidai, na kuma jera takwas ɗin.

Inda na faɗi shi ne fashin aiki. Na duba rajista: ma'aikata 12, kwana 26 a wata, an yi fashi sau 19. Ko mutum ɗaya a rana bai kai ba. Sai na ce mai jiran ko-ta-kwana guda ya wadatar, ni kuwa har sunaye shida nake da su a waya. Na kwanta da minsharina.

Da asubar Litinin aka yi rasuwa a Bomo. Masu girkina biyu 'yan gida ɗaya ne, tare suka tafi, maƙwabcinsu mai wanke-wanke ya bi su jana'iza. Na huɗu zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ɗauki waya na fara bin shidan nan. Huɗu ɗalibai ne, suna cikin zauren jarrabawa, jarrabawar nan da ta kawo mana cunkoson. Ɗaya ya samu aiki a Kwangila tun wata biyu ban sani ba. Na ƙarshe a Tudun Wada yake, ya ce ba shi da kuɗin mota. Ƙarfe ɗaya da rabi shinkafa ta kama a ƙasan tukunya, ni da kaina na naɗe hannun riga ina ɗauraye faranti, ina kallon mutane suna ficewa.

Hajiya ta iso da la'asar, a gaban yara ta ce, "Manaja, ina mutanen da ka ce kana da su?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, sunayensu nake da su."

Ban tuna mata cewa wata uku kafin nan na nemi a riƙa ba masu jira ɗan wani abu ta ce ita ba ta biyan wanda ke zaune a gida ba. Ta zaftare mini rabin albashi. Na yafe, amma ban manta ba.

Da na koma kan rajistar sai na ga abin da raba 19 gida 26 ya ɓoye mini. Fashin ba warwatse yake ba: 11 a ciki sun faɗa ne kan kwana huɗu kacal. Mutane tare suke fashi, domin biki ɗaya, rasuwa ɗaya, gona ɗaya ke kiransu. Lokacin kaka 'yan ƙauye sukan ɓace, Agusta da Satumba kuma zazzaɓi. Saboda haka tambayar ba ita ce mutum nawa ke fashi a rana ba, mutum nawa ne za su iya ɓacewa lokaci guda.

Na sake ginin daga tushe. Masu jira biyar, babu biyu daga unguwa ɗaya, ɗalibi ɗaya tak, kuma kowa zai iya isowa cikin rabin awa. A kalanda na sa jan biro kan kwanakin da nake tsoro, kamar goma a wata: jarrabawa, makon dawowa hutu, kwanakin da albashi ke shiga. A waɗannan ne kaɗai mutum biyu ke jira, naira 1,000 kowanne ko ba a kira shi ba, 3,000 in ya zo. Kuɗin jiran 20,000 ke nan a wata, alhali ƙarin ma'aikaci ɗaya 45,000 zai ci, rabin watan kuma yana zaune yana danna waya. Kowannensu ina ba shi aikin yini ɗaya duk mako biyu, don hannunsa kar ya mutu, in kuma san yana nan. Wanda na kira sau biyu bai zo ba, na goge shi.

Kada a gwada watan bana da na bara kai tsaye. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, sai cunkoson rana ya koma buɗa-baki. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kuwa, Fabrairu zuwa Oktoba, babu kalandar da ta hango shi, amma masu jira sun fi sauƙin dakatarwa a kan masu albashi.

Kalandar tana nan manne bayan firji. Na ji Hajiya tana nuna wa sabon manaja, wai tsarin gidan ne tun asali.