Yadda na hana shan sigari a shagona na ɗinki, da takardar da na liƙa

Shagon ɗinki nake da shi a Zariya, kekuna shida da injin aiki ɗaya, da teloli da yara masu koyo. Biyu daga cikin telolin suna shan sigari, kuma su ne hannayen da na fi dogara da su. Da rana ba sa sha a ciki, suna jin nauyin mutane. Matsalar tana kunno kai ne a lokacin kwanan shago, musamman goman ƙarshe na azumi, da ɗinkin Sallah ya taru kowa yana taka keke har asuba. Ana shan ruwa sai a kunna, ƙofa a rufe saboda sauro, fanka tana juya hayaƙin a kan kayan mutane.

Wanda bai yi sana'ar ɗinki ba ba zai san yadda yadi yake riƙe wari ba. Shadda mai sitati da leshi da labulen ɗakin gwaji duk suna shan hayaƙi, kuma guga ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara zaunar da shi. Mai shan sigari ba ya jin warin, hancinsa ya riga ya saba. Matar da ta buɗe ledar kayan mijinta a gida ita ce take ji. Ga kuma toka: ɗan ƙwayar wuta ɗaya ya faɗa kan shadda ya huda ta, babu gyara sai dai a canja falle, kuma ni zan biya. A ƙasa ƙyallaye ne barkatai, a bayan shago ga janareto da jarkar fetur. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran. Akwai ɗan shekara 14 a cikinsu mai ciwon asma, iyayensa suka damƙa mini shi amana don ya koyi sana'a, yana kwana yana shaƙar abin da bai kunna ba. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna jawo ciwon daji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa babu wani ɗan adadin hayaƙin da za a ce wanda yake gefe ya shaƙa lafiya lau. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya magance shi.

Ban fara da takarda ba. Na bari Sallah ta wuce, aiki ya lafa, sannan na kira telolin nan biyu, kowa shi kaɗai, bayan yara sun tashi. Babban cikinsu ya girme ni, Baba nake ce masa. Na ce, “Baba, akwai abin da nake so in yi a shagon nan, ban so ka gan shi a bango kafin ka ji daga bakina ba.” Na gaya masa ban zo in hana shi shan sigarinsa ba, wannan tsakaninsa da kansa ne, wurin sha kawai nake so mu canja. Ya yi shiru, sannan ya yi mini tambayar da ta gyara takardar baki ɗaya: “To Alhaji, a ina zan sha, kuma da wane lokaci?” Takardar da ba ta amsa wannan tambaya ba, ban-ɗaki take tura mai shan, ko bayan janareto, wanda ya fi cikin shagon haɗari. Muka tsayar da gindin wata bishiyar darbejiya da ke can gefen titi, nesa da ƙofa da taga da wurin fetur, na ajiye gwangwani da yashi a ciki don kashe guntu. Muka yarda duk wanda ya fita zai wanke hannu da sabulu kafin ya sake taɓa yadi, domin yatsu ma suna kai wari.

Bayan mako biyu na liƙa takardar. Ga abin da ke jikinta:

“SANARWA. Daga ranar 1 ga wata mai kamawa, ba a shan sigari ko shisha ko sigarin lantarki a wannan shago, dare da rana. Wannan ya haɗa da cikin shago, ɗakin gwaji, ban-ɗaki, baranda, bencin ƙofa da wurin janareto. Dokar ta hau kan kowa: mai shago, ma'aikata, masu koyo, kwastomomi da baƙi. Mai son sha, akwai wuri a gindin darbejiya. Ba a aiken yaron shago sayen sigari. Mun yi haka ne don lafiyar yaranmu, da kare kayanku daga wari da gobara. Duk ma'aikacin da ya tuna maka, da yawuna ya yi. Mai ƙorafi ya same ni. Mun gode. Mai shago.”

Kowane layi akwai dalilinsa. Na lissafa wuraren ɗaya bayan ɗaya domin in ka ce “a shago” kawai, wani zai tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, ya ce ai ba a ciki yake ba, alhali iska tana shigo da hayaƙin. Na sa “dare da rana” domin daren ne asalin matsalar. Na sa sunan mai shago a gaban jerin duk da ba na sha, don kada a ga kamar an yi dokar ne don a ci mutuncin mutum biyu. Maganar aiken yaro kuwa ba ra'ayina ba ne kawai. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta kuma hana sha a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a da ke rufe, tare da tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba ko ɗaurin wata shida ga wanda ya sha inda aka hana. Na san da wannan, amma da gangan ban rubuta tara a takardar ba. Kowa a unguwa ya san da wuya ka ga an kama wani a kan haka, kuma barazanar da ba za ka iya cikawa ba tana rage wa sauran maganarka nauyi. Na ajiye batun doka a baki, ina kawo shi ne kawai in wani ya ce ni na ƙirƙiro abin.

An buga mini ita da manyan baƙaƙe, aka sa mata leda saboda damina da ƙura, da hoton sigari a cikin jan da'ira an ja masa layi, domin ba kowane kwastoma ne yake karanta boko ba. Ɗaya a ƙofa daidai tsayin ido, ɗaya a saman teburin yanka, ɗaya a ƙofar ban-ɗaki. Kafin ranar ta zo muka yi wa shagon wanka: aka wanke labule, aka goge fikafikan fanka da suka yi dafa-dafa da wani maiƙo ruwan ƙasa, aka cire soson kujerar jira aka shanya, aka yi sabon fenti. In ka bar tsohon wari, mutum yana shiga hancinsa zai gaya masa a nan ana sha, komai abin da bango ya ce.

Na ɗauka da teloli zan sha fama, ashe da manya ne. Akwai wani babban kwastoma, ɗinkin gidansa gaba ɗaya a wurina yake yi, ya saba zama a bencin ƙofa yana jiran a gama masa wuyan riga, ya kunna abinsa. Yaro ɗan koyo ba zai iya buɗe baki ya ce wa sa'an babansa ya kashe ba, kuma bai kamata a ɗora masa wannan ba. Shi ya sa layin nan na “da yawuna ya yi” ya fi kowanne amfani. Na koya wa yaran abin da za su ce, kada su ƙara kada su rage: “Ranka ya daɗe, Maigida ya ce a roƙe ka, akwai wuri a gindin bishiya.” In mutum ya ƙi, kada su yi musu, su kira ni. Ranar da abin ya faɗo kan wannan Alhajin ni na fita da kaina, na gaishe shi, na ɗauki kujera na kai masa gindin darbejiyar, na zauna muka ci gaba da hira a can. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, ya kuma ɗan ja baya da zuwa na wani lokaci kafin ya dawo. Amma duk shagon suna kallo a ranar. Da na kawar da kai saboda girman ɗinkinsa, da Baba ya sami hujja, kuma da gaskiyarsa.

Ga ma'aikata na tsara abin da zai biyo baya, na faɗa musu a gaban juna: karon farko magana tsakanina da mutum, na biyu gargaɗi a gaban shaida, na uku ya huta kwana uku babu aiki. Da yake a kan kowace riga ake biyan tela, hutun kwana uku ba ƙaramin abu ba ne. In kaya ya ƙone ko ya dawo saboda wari, wanda ya jawo shi zai biya. Gane ko ana karya doka a bayan idonka ba wuya. Da safe nakan duba murfin kwalbar lemo ko gwangwanin madara da toka a ciki, da guntaye a magudanar ban-ɗaki ko bayan taga. Alamar da ta fi kowacce tona asiri ita ce ka buɗe shago ka ji an fesa turare fiye da kima. Gwangwanin yashi shi ma shaida ne: in yana cika, ana bin tsari, in ya kwana biyu babu komai alhali babu wanda ya daina sha, to an koma wani lungu.

Ƙaramin telan ya taɓa ƙalubalantata, kuma tambayarsa mai kyau ce. Ya ce, “Oga, dutsen guga na gawayi fa, da maganin sauro na kunnawa, su ba hayaƙi ba ne?” Hayaƙi ne, kuma yaron mai asma yana tari da su kamar yadda yake yi da sigari. Saboda haka aka koma hura gawayi a waje, ba a shigo da dutsen sai ya kama ya daina hayaƙi, na kuma sa raga a tagogi muka daina kunna maganin sauro.

Azumin da ya biyo baya shi ne gwajin gaske, domin mai sha ya wuni bai sha ba, ga aiki ya taru, fita gindin bishiya da ƙarfe biyun dare ba daɗi. Na sa ƙwan fitila a wajen da benci, na kuma tsayar da hutun minti goma bayan buɗa-baki da wani a tsakiyar dare ga kowa da kowa, mai sha da wanda ba ya sha, don kada yara su ga kamar sigari ne yake saya wa mutum hutu. Baba bai daina sha ba har yanzu, amma da bakinsa ya ce mini kwali ɗaya yana kai masa kwana biyu, abin da a da yake ƙarewa a dare ɗaya na kwanan shago. Duk sabon telan da ya zo neman aiki yanzu, kafin mu yi maganar kuɗin riga nake karanta masa takardar, in tambaye shi ko yana sha, in nuna masa bishiyar.